Fodkas ɗin Lafiyar Gida: Ɗigon Fitsari Bayan Haihuwa

Aminu: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Zariya. Yau muna tare da Anti Hadiza, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa jiki, ga kuma Bilkisu. Bilkisu, karanto mana saƙon nan.

Bilkisu: Wata baiwar Allah ce daga Tudun Wada. Haihuwarta huɗu, ta ƙarshe wata biyar ke nan. Ta ce in ta yi tari ko atishawa, ko ta ɗaga bokitin ruwa, sai fitsari ya ɗigo mata, har alwala ta zame mata aiki. Tana tsoron ko yoyon fitsari ne.

Anti Hadiza: Tambayar da zan fara yi mata ita ce: in ta kwanta barci, tana tashi a jiƙe? Mai yoyon fitsari, wadda doguwar naƙuda ta huda mata tsakanin mafitsara da gaba, fitsarinta zuba yake dare da rana, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Wannan yawanci sai tiyata. Amma wadda sai ta yi tari yake fitowa, yawanci tsokokin ƙasan ƙugu ne suka yi rauni.

Aminu: Anti, ina tsokokin nan suke? Ni dai na damtse na sani.

Anti Hadiza: Kai ma kana da su, Malam Aminu. Sun shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙashin ƙarshen gadon baya, a jikin mace suna tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji kamar yadda majanyi ke tallafe goyo. Hanyar fitsari da gaba da dubura duk ta cikinsu suka ratsa. In mutum ya yi tari, ciki yana danno mafitsara ƙasa. Tsoka mai ƙarfi takan matse a daidai lokacin, ta rufe hanyar. Wadda ciki da yunƙurin haihuwa suka miƙar da ita kuwa, ko ta makara ko ta kasa.

Bilkisu: To bayan gida fa?

Anti Hadiza: Akwai wani ɓangarensu da ya zagayo ta bayan ƙarshen hanji, yana janyo shi gaba, sai hanyar ta lanƙwashe. Lanƙwasar nan tana taimakawa wajen riƙe bayan gida. In an tsuguna, sai tsokar ta saki, hanyar ta ƙara miƙewa. Shi ya sa tsugunon masai ya fi zaman kujera sauƙin fita.

Aminu: Ashe kakanninmu ba su yi wauta ba.

Anti Hadiza: Ko kaɗan. To ga abin da za ta yi. Ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa gwiwoyi. Ta matse kamar tana cikin mutane tana riƙe iska kada ta fita, sannan ta ja matsewar sama zuwa gaba. Ta riƙe daƙiƙa 3 da farko, ta saki gaba ɗaya, ta huta kamar hakan. A hankali ta kai daƙiƙa 10. Sau 8 zuwa 12 a zama ɗaya, zama uku a rana, aƙalla wata uku. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa atisayen a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa.

Bilkisu: Wata uku! Anti, ai da yawa za su gaji a sati biyu.

Anti Hadiza: Nan ake faɗuwa. Ni nakan ce su haɗa shi da Asuba, La'asar da Isha'i, bayan sun idar. Amma abin da ya fi damuna shi ne masu yin sa a baibai: ta riƙe numfashi, ta matse cinyoyi da ɗuwawu, ko ma ta yi yunƙuri ƙasa. Ta ɗora hannu a kan cikinta. In ya taso ya yi tauri, turawa take ba ja ba. Ta riƙa ƙirga a bayyane, hakan zai hana ta riƙe numfashi.

Aminu: Na ji ana cewa a riƙa tsayar da fitsari ana cikin yi.

Anti Hadiza: Kada ta mai da shi ɗabi'a, yana iya hana mafitsara ƙarasa zubarwa. Dabarar da za ta amfane ta tun yau ita ce ta matse kafin ta yi tari ko ta ɗaga bokitin. Kuma kada ta rage shan ruwa don tsoron ɗigo. Bayan gida zai yi tauri, yawan yunƙuri ya ƙara raunana tsokar.

Bilkisu: Yaushe za ta bar wannan ta nufi asibiti?

Anti Hadiza: In bayan gida ko iska na kubce mata tun haihuwar, mai yiwuwa tsokar bakin dubura ce ta yage, kada ta jira. Haka in tana jin wani abu na saukowa ta gaba, ko zafin fitsari, ko jini a cikinsa. In kuma ta cika wata ukun babu canji, ta je asibitin koyarwa na Shika a duba ko tsokar da ya dace take matsewa.