Fodkas: Kafin ka buga kalmar sirrinka a kafe

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Malam Sani, lokacin cirar takardun JAMB ɗalibai kan cika kafe, kowa ya zauna ya buɗe imel ɗinsa. Mene ne abin tsoro a nan?

Malam Sani: Kiloga ne, Malama Hadiza, abin da ke naɗar duk harafin da aka danna a kibod. Iri biyu ne. Akwai ƙaramar na'ura mai kama da filas, da ake saƙalawa tsakanin wayar kibod da ramin USB. Manhajar kashe bairos ba ta ganinta, sai dai ido. Ki leƙa bayan kwamfutar, ki bi wayar kibod har inda ta shiga. In kin ga wani abu a tsakani, ki tashi.

Hadiza: Na biyun fa?

Malam Sani: Manhaja ce da ke ɓoye a cikin kwamfutar, kuma ita ta fi damuna, don leƙe ba ya nuna ta. Sau da yawa mai kafen ma bai sani ba. Wani ne ya zauna kafin ke ya saka, ko ta biyo manhajar sata da aka sauke.

Hadiza: Amma ana cewa a buga osk a wurin bincike na Windows, kibod ya fito a allo, a riƙa danna haruffa da linzami.

Malam Sani: Yana maganin na'urar, tunda ba a taɓa kibod ba. Amma manhajar takan kama haruffan duk da haka, wasu ma suna ɗaukar hoton allo duk lokacin da aka danna linzami. Kwafa da mannawa ma ana gani. Shi kuwa Incognito, wato tagar sirri ta burauza, tarihin shafuka da makamantansu kawai yake hana ajiyewa.

Hadiza: To ɗalibar da takardarta ke cikin imel, ya za ta yi?

Malam Sani: Ta buɗe a wayarta, ta tura wa mai kafe takardar kaɗai ya buga mata. Imel ɗin nan da shi ake sake kalmar sirrin Fesbuk da sauran asusu, wanda ya same shi ya samu duka.

Hadiza: In ya zama dole ta shiga a can?

Malam Sani: Tun daga gida ta kunna tantancewa mai mataki biyu, ta yadda sai an amince daga wayarta za a shiga. In burauza ta nemi ajiye kalmar, ta ƙi. Ta fita daga asusun kafin ta tashi, sannan ta canza kalmar a wayarta nan take, kada ta canza a kwamfutar kafen.

Hadiza: Harkar banki fa?

Malam Sani: Wannan kam don Allah kada a yi ta a kafe ko kaɗan.