Amsoshin Tambayoyinku: Sifili Bisa Sifili, Rami Ne Ko Asimtot?

"Malam, ina aji na farko a jami'a. Idan na sa lamba a fankishin mai sama da ƙasa na sami 0/0, wani lokaci a ce mini rami ne a giraf, wani lokaci kuma asimtot. Yaya zan bambance, kuma mene ne haɗinsu da alamar lim?" Saƙon wata ɗaliba ke nan daga Zariya.

To, ɗalibarmu, ki ɗauko biro da takarda, masu sauraro ma su rubuta tare da mu:

f(x) = (x² − 1)/(x² − 3x + 2)

Ƙasan yana zama sifili a wuri biyu, a x = 1 da x = 2, amma abin da ke faruwa a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Idan kika warware sama da ƙasa zuwa faktocinsu, saman zai zama (x − 1)(x + 1), ƙasan kuma (x − 1)(x − 2). Tunda (x − 1) ya fito a duka biyun, za a soke shi, a bar (x + 1)/(x − 2), da sharaɗin cewa x ba 1 ba ne.

Wannan sharaɗi shi ne ramin. A x = 1 fankishin ɗin asali ba shi da amsa ko kaɗan, domin 0/0 ba lamba ba ce, sai dai limit, wanda ake rubutawa da alamar lim, ba ya tambayar abin da ke kan wurin, yana tambayar inda amsoshi suka dosa ne yayin da x ke matsowa. Ki gwada 0.99 a kalkuleta, za ki sami kusan −1.97, ki gwada 1.01 ki sami kusan −2.03. Ta hagu da ta dama duka −2 aka nufa, wato abin da 2/(−1) ya bayar bayan sokewa. Saboda haka sai mu rubuta lim(x→1) f(x) = −2, a giraf kuma mu zana ɗan da'ira mara ciko a (1, −2).

A x = 2 labarin ya sauya, domin saman yana kusa da 3 alhali ƙasan yana ta ƙanƙancewa. A 2.01 amsar 301 ce, a 1.99 kuwa −299, kuma duk yadda kika ƙara matsawa haka lambobin za su ƙara girma ba tsayawa. Ana rubuta lim(x→2⁺) f(x) = +∞ da lim(x→2⁻) f(x) = −∞, wato ta dama da ta hagu, layin x = 2 kuma ya zama asimtot na tsaye, layin da giraf ke ta matsowa kusa da shi ba tare da ya taɓa shi ba. A nan ɗalibai da yawa ke asarar maki, su rubuta ∞ kawai ba tare da duba kowane gefe ba, alhali wani reshen giraf ɗin sama ya yi, wani ƙasa. Alamar ∞ ma ba lamba ba ce da aka isa gare ta, bayani ne kan yadda limit ya kasa samuwa.

Kada dai ki ɗauka duk 0/0 rami ne. Ki duba (x − 1)/(x − 1)², wanda shi ma ke ba da 0/0 a x = 1. Bayan sokewa saura 1/(x − 1), ƙasan har yanzu sifili ne, don haka asimtot ne. Hukuncin yana zuwa ne bayan an gama sokewa: idan faktan ya ɓace daga ƙasa, rami ne, idan har yanzu yana nan a ƙasa, asimtot ne.

Saura can nesa, inda x ke girma ba ƙarshe. A raba sama da ƙasa da x², fawa mafi girma a ƙasan, sai a sami (1 − 1/x²)/(1 − 3/x + 2/x²). Duk gutsuren da ke da x a ƙarƙashinsa sifili ya dosa, saura 1/1. Ke nan lim(x→∞) f(x) = 1, haka ma ta wajen −∞, layin y = 1 kuma shi ne asimtot na kwance. A x = 1000 amsar kusan 1.003 ce. Da fawar ƙasa ta fi ta sama, da limit ɗin sifili ne; da ta sama ce ta fi, da babu asimtot na kwance sam, domin amsoshin za su yi ta girma ne.