Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Ambaci Yaran a Jawabin Biki?

"Ƙanwata za ta yi aure na biyu, ni aka ce in yi jawabi a wurin liyafa. Tana da yara biyu, namiji ɗan shekara 14 da mace 'yar shekara 7, mahaifinsu na raye, rabuwa suka yi. Shi ma angon yana da 'ya mai shekara 11, mahaifiyarta ta rasu. Me zan ce a kansu wanda ba zai sosa ran kowa ba?"

To, 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri, kuma kin kyauta da kika tuna da yaran nan tun kafin ranar.

Ki fara da su kansu. Kamar saura mako guda, ki samu kowanne shi kaɗai ki ce, "Zan ambaci sunanka a gaban mutane, ka yarda?" Kar ki tambaye su a gaban amarya ko ango, don yaro zai ce "to" saboda kunya ko gudun ɓata wa uwarsa rai. Ki kula da fuskarsa. In ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa, ko ya ce "duk yadda kika gani", to bai so ba, ya dai rasa yadda zai faɗa. Ɗan shekara 14 ɗin nan shi na fi ji, domin a shekarunsa ba abin da yaro ya ƙi kamar a zuba masa ido cikin taro. In ya ƙi, ki haɗa su ukun a jimla ɗaya ba tare da sunan kowa ba. Kar ki kira biyu ki tsallake ɗaya.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne kalmar "sabon uba" da "sabuwar uwa". Mai faɗa da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma kunnen yaro wani abu daban yake ji. 'Yar shekara 7 tana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta: in an yi mata sabon baba, ke nan an cire nata. Yayanta kuwa zai ji kamar an sa shi zaɓe, in ya yi murmushi ya ci amanar mahaifinsa, in ya ɗaure fuska ya ɓata wa mahaifiyarsa ranarta. Ki ce "sun ƙara samun mai kula da su", wannan bai ƙwace wa kowa matsayinsa ba. Kalmar agola kuma kar ta fito daga bakinki ko da wasa, haka ma irin su "bayan wahalar da ta sha" ko "yanzu ta samu miji na gari". Wanda ake wa shaguɓen uban yaran ne, suna kuma zaune suna ji.

Marainiyar, tata daban ce. Ambaton mahaifiyarta da jimla ɗaya ta addu'a yakan sanyaya zuciya, yana nuna mata ba a shafe uwarta ba. Amma sai da yardar ita yarinyar da mahaifinta, kuma amarya ta sani tun da wuri. In an ambace ta, a tsaya a jimlar, kar a shiga labarin jinya.

Ga misalin yadda za ki tsara, bayan kin gama yi wa ango da amarya fatan alheri, ki bi yaran daga babba zuwa ƙarama, kina kiran sunan kowanne:

"Akwai mutum uku da wannan rana ta shafa fiye da kowa a nan. Babbansu, wanda kullum shi ke riƙo hannun ƙanwarsa daga makaranta. Mai bi masa, wadda mahaifinta ba ya gajiya da ba mu labarin ƙoƙarinta a karatu, Allah ya ji ƙan mahaifiyarta. Sai autarmu, mai sa gida dariya. Kowannenku yana nan da iyayensa da danginsa yadda yake, yau ƙari kuka samu. Gidan nan naku ne."

Kin ga bai kai minti ɗaya ba, kuma kowa ya samu jimla guda. Ki auna wannan da kyau, domin 'ya'yan ƙanwarki kin san su tun suna goye, bakinki zai so ya daɗe a kansu. 'Yar angon za ta lura, danginta ma haka. Don haka ki tambayi mahaifinta wani abu na gaskiya game da ita, kar ki tsaya a "yarinya mai hankali".

Kada ki kira su gaba, kada ki miƙa musu makirufo, kada ki sa su yi alkawarin biyayya ko su kira wani "Baba" a gaban jama'a. Kina magana kina satar kallonsu. In kin ga ɗaya ya duƙar da kai ko idonsa ya kawo ruwa, ki taƙaita ki koma kan amarya da ango, sannan wata daga cikin dangi da yaron ya saba da ita ta matsa kusa da shi a hankali. Ki shirya da ita tun kafin a zauna.