Wata Huɗu a Rumbun BEAC: Me Ake Nufi?

"Kullum sai a ce ajiyar kuɗin waje za ta kai mu wata huɗu. To bayan wata huɗun fa, kaya sun ƙare ke nan?" Tambayar wani ɗan kasuwa ce daga Garwa.

A'a, Alhaji, kwantar da hankalinka. Jama'a masu sauraro, lissafi ne irin na magidanci da ya leƙa rumbu ya ce, in ba a ƙara ko tiya guda ba, hatsin nan zai kai mu wata kaza. Amma wannan rumbun ana zuba masa kullum, daga kuɗin fetur da auduga da koko.

Mu ɗauki misali. A ce ajiyar ta kai sefa biliyan 6,000, ƙasashenmu kuma suna sayo kaya da ayyuka daga waje na biliyan 18,000 a shekara. Kowane wata biliyan 1,500 ke nan. Raba 6,000 da 1,500, ka samu wata huɗu. Masana sun saba ɗaukar wata uku a matsayin mafi ƙaranci, amma ga ƙasashen da suka dogara da fetur irin namu, asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya fi son a kai biyar.

Kuma rumbun ba na Kamaru ko Cadi kaɗai ba ne. Ƙasashe shida na tsakiyar Afirka ne suka haɗa shi a babban bankinsu, BEAC, da ke Yawunde, kuma shi ne ke tallafe da alkawarin cewa yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Da farashin fetur ya karye daga 2014, ajiyar ta zube ƙasa da wata uku a ƙarshen 2016, har shugabanni suka yi taron gaggawa a Yawunde a watan Disamba, suka ce ba za a karya darajar sefa ba. Dattawan da suka ga yadda aka karya ta a 1994 sun san abin da aka ji wa tsoro.

Sai dai adadin nan yana da yaudara. Koma kan misalinmu: ajiya tana nan 6,000, amma shigo da kaya ya ragu zuwa 1,200 a wata, saboda 'yan kasuwa suna sintiri a banki ba a tura musu kuɗi waje ba. Sai lissafi ya ba da wata biyar! Ko dala ba ta ƙaru a rumbu ba, cin ne aka rage. A takarda an samu ci gaba, a kasuwar Marwa shinkafa ta yi tsada.

Balle kayan da ke tsallakowa daga Najeriya a kan babur, fetur a jarka da sauransu, waɗanda duwan ba ta gani ba. Galibinsu ba sa cikin lissafin.

Don haka, Alhaji, in ka ji watannin sun ƙaru, nemi adadin ajiyar kanta a sefa, ka gwada da na bara. Sannan ka duba kwana nawa bankinka ya ɗauka kafin ya biya mai kayanka na Dubai.