Hayar tambari: kason mai suna da iyakar kasuwa

Wannan lacca ce da wani lauya ya gabatar wa masu ƙananan masana'antu a Kano, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Alhazai da Hajiyoyi, sannunku da haƙurin zama. Yarjejeniyar hayar tambari tana iya kai shafi ashirin, amma sakin layi biyu ne na ga sun fi sa mutum kuka: na kuɗin da za ka riƙa biyan mai tambari, wanda lauyoyi ke ce wa royalti, da na yankin da aka yarje maka ka sayar. A kansu zan tsaya.

Mu ƙaddara kana da masana'antar sabulu a Sharaɗa. Sabulunka mai kyau ne, sai dai ba a san sunansa ba. Wani kamfani a Legas yana da sunan da mata suka sani, ya ce ka buga sunansa a kwalinka, ka ba shi kashi 5 cikin ɗari. Tambarin yana nan nasa, haya ka karɓa kamar hayar shago.

To, kashi 5 na me? Nan ne gizo ke saƙa. Katan ɗinka naira 12,000 ne, ribarka a kai, bayan ka fitar da manja da soda da dizal da albashin yara, naira 1,500. Da yawa suna jin kashi 5 sai su lissafa shi a kan riba, su ga naira 75, su ce ai wannan ba komai. A'a, Alhaji. Kusan kullum a kan ciniki ake ɗora shi. Kashi 5 na 12,000 naira 600 ne, kuma daga cikin 1,500 ɗin nan za ta fita. Wato kashi 40 na ribarka ya tafi Legas. Ban ce kada ka yarda ba. Idan sunan zai ninka maka ciniki, ko ya ba ka damar ƙara naira 1,000 a katan, ka ci riba. Amma ka yi wannan lissafin kafin biro ya taɓa takarda.

Shi kansa cinikin sai an fassara shi. Ka fitar da katan 1,000 a wata, naira miliyan 12 ke nan, kason mai tambari 600,000. Amma ka yi wa diloli ragin naira 600,000, an kuma dawo maka da katan 30 da ruwa ya jiƙa, kuɗinsu 360,000. Abin da ya rage 11,040,000 ne, kasonsa 552,000. Bambancin naira 48,000 duk wata yana rataye ne a kan ko takarda ta ce gundarin ciniki ko cinikin da aka tace. Ka sa a lissafa abubuwan da za a cire ɗaya bayan ɗaya: ragi, kayan da aka dawo da su, kuɗin mota idan kai ka biya, da harajin VAT na kashi 7.5 idan kana karɓarsa, don wannan kuɗin gwamnati ne da ya ratsa ta hannunka.

Sannan yaushe bashin ya hau kanka, ranar da ka yanka rasit ko ranar da kuɗi suka shigo? Mu nan bashi muke bayarwa. Dila a kasuwar Singa ya kwashi kaya, sai bayan wata biyu ka ga kuɗinka, wani ma sai ka haɗa shi da Allah. Idan takarda ta ce ranar rasit, za ka biya kaso a kan kuɗin da ba ka gani ba.

Abin da ya fi waɗannan duka cizo shi ne mafi ƙarancin biya. Mai tambari zai rubuta cewa ko ka sayar ko ba ka sayar ba, naira miliyan 6 zai karɓa a shekara. Idan ka sayar da katan 12,000, kasonsa ya kai miliyan 7.2, ba ka ma san da wannan layin ba. Amma a ce inji ya lalace, wuta ta yi wuya, katan 6,000 kawai ka fitar. Kashi 5 ya kama miliyan 3.6, kai kuwa miliyan 6 za ka biya. Kowane katan ya ɗauki naira 1,000, ribarka ta koma 500. Ku riƙe wannan, don shi zai kai mu ga maganar yanki.

Na taɓa ganin takarda da aka rubuta yanki: Arewa. Shi ke nan. Arewa jiha 19 ce. Abuja fa, tana ciki? Mai tambari ya ce ba ta ciki, ya ba wani. Ku rubuta sunayen jihohin. Bayan haka ku duba irin ikon da aka ba ku a cikinsu, don iri uku ne. Akwai wanda kai kaɗai ne, shi mai tambarin ma ba zai shigo da kaya ba. Akwai wanda ba zai ba wani ba, amma shi yana da damar turo tirelarsa daga Legas ta sauke a Singa, gefen kayanka. Akwai kuma wanda zai iya ba mutum goma a gari ɗaya. Wanda ya ɗora maka miliyan 6 dole, sannan ya ba ka iri na uku, ya ɗaure ka ne ya ce ka yi gudu. A ganina, mafi ƙarancin biya ba ya da hujja sai inda kai kaɗai ne a kasuwar, kuma a rubuta cewa ranar da aka rage maka jiha, a rage adadin.

Saura maganar iyaka. Galibi rajistar tambari ba ta tsallake ƙasa. Wadda aka yi a ofishin rajista na Abuja, Najeriya kawai ta rufe. Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a wurinta ke rufe ƙasashe 17, kuma Najeriya ba ta ciki. Saboda haka idan mai tambari ya ce ya haɗa maka da Nijar, ka ce ya nuna takardar OAPI. In babu, ya ba ka abin da bai mallaka ba, kuma wani yana iya riga ku yin rajistar sunan a can. Ta Najeriyar ma ka duba ranarta: shekara 7 take yi da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ka kuma sa a shigar da sunanka a rajista a matsayin wanda aka yarje wa amfani da tambarin. Idan kuwa mai tambarin ɗan ƙasar waje ne, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai tantance irin wannan yarjejeniya da 'yan ƙasar waje, kafin banki ya tura masa kuɗinsa a kuɗin waje.

(Wani dattijo ya ɗaga hannu.)

Barista, ni ban taɓa kai kaya Maraɗi ba. Mutanen Maraɗi ne ke zuwa har ƙofar masana'anta su saya, su bi ta Jibiya. Na karya yarjejeniya ke nan?

Baba, ya danganta da kalmar da aka rubuta. Idan cewa aka yi kada ku nemi kasuwa a wajen yankinku, wato kada ku buɗe sito ko ku naɗa dila ko ku yi talla a can, to ba ku yi laifi ba, su suka zo. Idan kuwa an rubuta kada ku sayar wa wanda kuka san zai fitar da kayan, to ranar da mota mai lambar Nijar ta tsaya kuka loda mata katan 200, ba za ku ce ba ku sani ba, kuma galibi irin wannan saɓawar tana ba mai tambari damar soke hayar, ku rage da kwalayen da kuka riga kuka buga. Ku duba takardarku yau da daddare, in ta biyun ce, ku nemi a mayar da ita ta farkon, ku kuma riƙa rubuta a rasit cewa a Kano aka miƙa kaya.