Kwanduna bakwai, yara bakwai: laccar lissafi a kan hujjar tattabaru

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Ku matso da kujeru, domin yau aikin allo za mu yi, kuma rubutuna ba shi da girma.

Ga maganar da na zo da ita. Ka ba ni cikakkun lambobi guda bakwai, ko waɗanne ne, ka zaɓo su da gayya don ka kunyata ni. Ni kuwa na yi alkawari zan tsamo maka wasu daga cikinsu, ko da guda ɗaya ce, waɗanda in aka haɗa su jimillar za ta rabu gida bakwai ba saura. In goma ka ba ni, zan samo waɗanda jimillarsu ke rabuwa gida goma. In ɗari ne, gida ɗari. A bakin masu lissafi: cikin kowaɗanne lambobi guda n, akwai rukunin da n ke raba jimillarsa. Da na ce cikakkun lambobi, ina nufin waɗanda ba rabi ba kwata, irin 3 da 20 da sifili, har da na ƙasa da sifili.

Makamin da za mu yi aiki da shi duk mai kiwon tattabaru ya san shi. Ka rataya tukwane shida a jikin katanga, tattabaru bakwai suka dawo da magariba, kowacce ta shiga tukunya. Dole a sami tukunyar da biyu suka kwana a ciki. Ba ka san wace tukunya ba ce, ba ka san waɗanne tattabaru ba ne, amma kana iya rantsewa akwai ta. Ana jingina wannan ƙa'ida ga Bajamushen nan Dirichlet, wanda ya rayu daga 1805 zuwa 1859, kodayake shi da aljihun tebur ya yi misali, tattabarun daga baya suka shigo. Ƙa'idar ba ta da wuya ko kaɗan. Wuyar aikin ita ce ka gane mene ne tattabarar, mece ce tukunyar, a cikin matsalar da ke gabanka. Nan ne mutane ke zamewa, kuma nan za mu daɗe.

Mu sa lambobin a kwando. An jera kwandunan lemo bakwai, ga yara bakwai suna jira. Na farko lemo 3 ne a ciki, sai 8, sai 5, sai 11, sai 2, sai 9, na ƙarshe 13. Ana so a ɗauki wasu kwanduna, a juye su wuri ɗaya, a raba wa yaran daidai wa daida, kada ko ɗaya ya yi saura a yi rigima a kansa.

Abin da ɗalibi kan fara yi shi ne ya raba kowane kwando gida bakwai ya dubi saura. Mu gwada: 3 saura 3, 8 saura 1, 5 saura 5, 11 saura 4, 2 saura 2, 9 saura 2, 13 saura 6. Sai ya yi murna, ya ce ga tattabaru biyu a tukunya ɗaya, 2 da 9, duk saura 2. To, haɗa su mu gani. Sha ɗaya. Bakwai ta raba sha ɗaya? Ba ta raba ba. Abin da ya samu gaskiya ne, amma amsar wata tambaya ce dabam: lambobi biyu masu saura iri ɗaya, bambancinsu ne ke rabuwa, 9 a cire 2 ya ba da 7. Mu kuwa jimilla muke nema. Shekara da shekaru ina gyaran takardu, wannan kuskuren na fi gani, kuma na fi son mai yin sa a kan wanda ya haddace amsa, don shi ya riga ya kama rabin zaren. Tukwanen ya gane su, saura ne. Tattabarun ne ya kama ba daidai ba.

Sai mu tambayi kanmu: tunda bambanci tukwanen ke ba mu, waɗanne abubuwa ne bambancinsu yake zama jimillar kwanduna? Ku yi tunanin mai kanti da littafinsa. In ya rubuta cinikin da ya tara daga Asabar zuwa Alhamis, ya cire wanda ya tara daga Asabar zuwa Litinin, me ya rage? Cinikin Talata da Laraba da Alhamis. Ya yi ragi, amma abin da ya fito jimilla ce.

Saboda haka za mu bi kwandunan daga hagu muna tarawa. Kwando na farko kaɗai, 3. Na farko da na biyu, 11. A ƙara 5, 16. A ƙara 11, 27. A ƙara 2, 29. A ƙara 9, 38. A ƙara 13, 51. Jimilloli bakwai ke nan, kuma su ne tattabarunmu. Yanzu a raba kowacce gida bakwai: 3 saura 3, 11 saura 4, 16 saura 2, 27 saura 6, 29 saura 1, 38 saura 3. Tsaya nan. Mun taɓa ganin 3, a wajen jimilla ta farko. To 38 a cire 3, 35, wato bakwai sau biyar. Kuma 35 ɗin nan su wane ne? Kwando na biyu zuwa na shida: 8 da 5 da 11 da 2 da 9. Ku haɗa da kanku. Kowane yaro lemo biyar, ba mai kuka.

Ku lura da iyaka, domin nan ma ana tuntuɓe. An cire jimilla ta farko, don haka kwando na farko ya fita, daga na biyu ake farawa. Wanda ya yi mantuwa har ya haɗa da na farkon, 38 zai samu, ya ce hujjar ƙarya ce. In kuma muka ci gaba, 51 saura 2, ta iske 16 a tukunya. Nan ma 35 ne, 11 da 2 da 9 da 13. Amsa biyu muka samu, alhali ɗaya aka yi mana alkawari.

Wannan misali ne, misali kuwa ba hujja ba ne. Me ya sa dole hakan ta faru kullum? Na ga hannu a can. Bismillah, 'yata.

Tana cewa: "Malam, in an raba lamba gida bakwai, saura iri bakwai ne, daga sifili zuwa shida. Jimillolin ma bakwai ne. Tattabaru bakwai, tukwane bakwai, ai kowacce na iya samun tata."

Allah ya yi miki albarka, wannan tambayar nake jira. Haka ne, tukwane bakwai ne. Amma dubi tukunyar sifili. Duk jimillar da ta faɗa cikinta, ma'anarsa bakwai ta raba ta ba saura, ke nan mun gama, sai mu kwashi kwanduna daga na farko zuwa inda muka tsaya. In kuwa babu wadda ta shiga tukunyar sifili, to an toshe ta, saura tukwane shida, tattabaru na nan bakwai. Dole biyu su haɗu, mu cire gajeriyar jimilla daga doguwar, abin da ke tsakaninsu shi ne rukuninmu. Kuma ba zai zama fanko ba, tunda jimillolin biyu a wurare dabam suka tsaya, aƙalla akwai kwando ɗaya a tsakani. Ta ko'ina aka bi mun ci. Ku goge bakwai ku sa n, ku goge shida ku sa n−1, ba abin da ya canja a maganar.

Kun ga mun sami fiye da abin da muka roƙa. An ce wani rukuni, mu kuwa rukunin da muka samo kwanduna ne a jere, ba tsallake. Ga kuma sauƙin aiki. Kwanduna bakwai ana iya zaɓar rukuni daga cikinsu ta hanya 127. In talatin ne, hanyoyin sun kai 1,073,741,823, fiye da biliyan ɗaya. Da wannan dabara haɗawa talatin da rabawa talatin sun ishe ka, a bayan ambulan ma sai ka yi.

Wani abu a gefe, ga masu taɓa kwamfuta. In akwai lambobi ƙasa da sifili, a ce bashi, hujjar tana nan daram, muddin ka ɗauki saura tsakanin sifili da shida. Saurar −3 ita ce 4, domin −3 daidai take da −7 a ƙara 4. Python haka take bayarwa in ka rubuta -3 % 7, amma C sai ta ba ka -3. In ba ka gyara ba, ka ƙirƙiri tukwanen da babu su, tattabaru biyu da ya kamata su haɗu sai su kwana dabam.

Yanzu iyakar abin. Da kwanduna shida aka ba mu, yaran na nan bakwai, alkawarin ya tashi. Sa lemo ɗai-ɗai a kwanduna shida. Duk yadda ka zaɓa, jimillar tana tsakanin 1 da 6, ba za ta kai bakwai ba. Ko ka sa 8, 15, 22, 1, 29, 36, abu ɗaya ne a ɓoye, kowacce saura 1. Don haka n ɗin nan ba a rage ko ɗaya daga cikinta. Hujjar kuma ba ta gaya maka yawan kwandunan da za su fito: mu biyar muka samu, sannan huɗu, wani jerin ɗaya ne, wani duka.

To in mutum ya nace sai kwanduna bakwai cif yake so a juye wa yara bakwai fa? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma an amsa ta a 1961. Masana lissafi uku, Erdős da Ginzburg da Ziv, suka tabbatar cewa cikin kowaɗanne lambobi guda 2n−1 akwai guda n cif waɗanda n ke raba jimillarsu. Ga bakwai, kwanduna 13 ake bukata. Sha biyu ba su isa ba: shida fanko, shida masu lemo ɗai-ɗai, ka zaɓi bakwai, dole ka haɗa da mai lemo aƙalla ɗaya, kuma ba za ka wuce shida ba. Ƙaramar surarsa za ku iya yi a zaune, n daidai da 2: cikin lambobi uku, biyu za su zama masu rabuwa biyu, ko biyu su zama masu mara, jimillarsu kuwa ta rabu biyu ko ta yaya. Cikakkiyar hujjar dabarar jerawa kaɗai ba ta kai mu gare ta, sai an fara da lambobin da ba sa rabuwa, irin 5 da 7, sannan a gina saura a kansu. Wannan zama ne na wata rana.

Ga na gida. Ku nuna cewa kowace lamba n da ta fi sifili tana da ninki wanda ba komai a rubutunsa sai 1 da 0. Tattabarun su ne 1, 11, 111, 1111, haka har guda n. Ku fara da 6, ku gaya mini wace tukunya ce aka fara haɗuwa a ciki. Mai alli, a taimaka kada a goge allon, na baya ba su gama kwafa ba.