Me ya sa irin gero ke rikiɗa, na gyaɗa kuma bai rikiɗa?

Ku dubi wannan goyon masarar da na ɓare. Fara aka shuka a gonar nan ta bayan garin Daura, amma ga ƙwayoyi ruwan ɗorawa sun yi mata ɗige-ɗige. Ba mai sayar da iri ne ya yi ha'inci ba. Maƙwabci ne ya shuka ja, iska ta kwaso bununin tasa ta zuba a kan gemun wannan. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa, don haka a goyo guda uwa ɗaya ce, amma ubanni na iya yin yawa.

A masara ido na ganin wannan a shekarar. A gero kuwa ɓoye yake, kuma shi ya fi damuna, don shi ne abincinmu.

Bari mu fara da mai sauƙin. Furen gyaɗa da na wake kowanne na ɗauke da namiji da mace a cikinsa, kuma barbara takan auku tun furen bai gama buɗewa ba. Shukar ita ce uwa, ita ce uba. Shi ya sa wanda ya samo gyaɗa SAMNUT 24 ta cibiyar bincike ta Samaru zai iya ɗibar iri daga gonarsa shekara bayan shekara, ta ci gaba da fitowa kamar yadda ya san ta. In ta gauraye, to a wurin sussuka ne, ko a buhu, ko gyauron bara ya tsiro a ciki.

Gero ba haka yake ba. Ku matso kusa da zangarniyar nan da ta fito shekaranjiya. Kun ga wannan farin gashin mai laushi? Sashen mace ke nan, shi ke riga fitowa. Sai bayan kwana biyu ko uku bununi zai biyo baya, wannan garin da ke manne wa riga in ka ratsa gona da safe. Kafin nata bununin ya nuna, iska ta riga ta kawo mata na wasu. Saboda haka mafi yawan ƙwayoyin zangarniya ubansu daga wata shukar yake, wani lokaci ma daga wata gonar.

To ga manomi ya sayi Sosat, geron nan mai saurin nuna, ya shuka kusa da geron gargajiya na ɗan'uwansa, suka yi bununi lokaci ɗaya. Shekarar farko ba zai ga komai ba, gona tsaf. Ya ɗebi iri daga bakin iyaka, inda ya fi sauƙin kai hannu. Shekara ta biyu sai tsayin kara ya fara bambanta. A ta uku wasu zangarniyoyin sun nuna tsuntsu na ci, wasu ko ido ba su yi ba. In kuma akwai shibra a gefe, wadda ke zubar da ƙwaya da kanta, ita ma ta sa jininta. Sai ka ji ana cewa iri ya gaji. Wallahi bai gaji ba, aure ya yi ba da sanin mai shi ba.

Maganin yana hannu. A ɗebi iri daga tsakiyar gona, a bar layukan gefe don tuwo da fura. A tumɓuke shibra da duk shukar da ta fita daban kafin ta yi bununi, don bayan nan aikin gama ya gama. Mai noman iri na sayarwa ya nisanci wani geron da aƙalla mita 200, ko ya saɓa lokacin shuka yadda ba za su yi bununi tare ba.

Akwai wani kuskuren da masu ƙoƙari ke yi, yana ba ni tausayi. Mutum ya zaɓi zangarniya biyar mafi kyau, ya ce su kaɗai ne irinsa. A gyaɗa wannan dabara ce mai kyau, da ita ma masu bincike ke tace iri, domin duk zagaye ɗaya na barbarar kai yana rage gaurayen jini da rabi, bayan zagaye 6 ya kusa zama tsantsa. Amma gero da masara ba sa jure auren dangi na kusa. Kara zai sirance, zangarniya ta ƙanƙance. Gara a tara ɗari biyu ko fiye daga sassan tsakiyar gona, a sussuke su tare.

Wannan raunin ne aka juya aka samar da masara haibirid. A tilasta wa irin masara biyu barbarar kai har su tsumbure, sannan a haɗa su, a cire kan namijin layin uwa kafin ya zubar da bununi. 'Ya'yan farko sai su fito da ƙarfi, kansu ɗaya. Jikoki kuwa, wato abin da ka girba ka sake shukawa, rarrabuwa suke yi, amfani ya ragu. Don haka in ka je sayen irin masara a Katsina, tambayi mai shago tun kafin ya auna: haibirid ce, ko wadda ake iya ajiye irinta?